Feshi nawa, numfashi nawa: lissafin inhelar salbutamol da sifesa ga yaro mai fuka

Idan hunturu ya kankama, ƙura ta cika gari, dare ya yi sanyi, a lokacin ne ake yawan jin uwa tana cewa, "Na fesa masa har sau huɗu, amma ƙirjin bai daina kuka ba." Da za a roƙe ta ta nuna yadda ta yi, sau da yawa abin da za a gani shi ne ta buɗe bakin yaron, ta danna inhela, hayaƙin ya fito ta gefen leɓe, yaron ya yi tari ya kau da kai. Ko kuma tana da sifesa, wato bututun robar da ake haɗa wa inhela, amma sai ta danna sau huɗu a jere cikinta kafin ta ɗora masa. A lissafinta ta ba shi huɗu, alhali abin da ya isa huhunsa mai yiwuwa bai kai na feshi ɗaya ba. Wannan giɓin ne ya dame ni, domin yana sa iyaye su yanke ƙauna daga maganin da yake aiki, su koma ga siro ko allura, ko su kwana suna fesawa alhali lokacin tafiya asibiti ya wuce.

Salbutamol shi ne maganin da ke cikin inhelar nan da aka fi sani da shuɗin launi, wadda mutane da yawa ke kira Bentolin. Kowace dannawa tana fitar da maikirogiram 100, kuma yawancin gwangwanaye suna ɗauke da feshi 200. Aikinsa guda ne. Ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu suna da tsoka da ta kewaye su, idan fuka ta tashi sai tsokar ta ɗame, hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa fita da ƙyar tana yin ƙara kamar fito. Salbutamol yana sassauta wannan tsokar. Yakan fara aiki cikin minti biyar, ƙarfinsa ya ɗauki kamar awa 4 zuwa 6. Ba ya taɓa kumburi da majinar da ke cikin hanyar, kuma wannan iyakar tasa za ta dawo mana a gaba.

Matsalar inhela ita kaɗai ita ce gudu. Hayaƙin yana fitowa da ƙarfi, ya daki harshe da bayan maƙogwaro, ya tsaya a nan a haɗiye shi. Kafin ya shiga huhu sai mutum ya daidaita dannawa da jan numfashi a daidai lokaci guda, abin da manya ma da yawa ba sa iyawa, balle yaro ɗan shekara 3 da numfashi ke yi wa wuya. Sifesa wani bututu ne na roba mai faɗi, inhela tana shiga ta gefe ɗaya, yaro yana shaƙa ta ɗaya gefen. A cikinta hayaƙin yana rage gudu, manyan ɗigo su manne a bango, ƙananan da za su iya kaiwa can ƙasan huhu su tsaya a iska na 'yan daƙiƙoƙi suna jiran yaro ya ja su da numfashinsa na yau da kullum. Shi ya sa jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara marasa lafiya ya ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba inhela ba tare da sifesa ba. Ni kam zan ƙara da cewa ko ya wuce biyar, idan ciwon ya tashi, a sa masa ita.

A cikin 'yan daƙiƙoƙin nan da hayaƙin ke jira ne dukan zancen ƙirge yake. Maganin ba ya daɗewa a iska, yana sauka ya manne a jikin roba. Idan aka danna sau huɗu a jere, kowane sabon feshi yana tura na gabansa zuwa bango, ɗigon su haɗu su yi nauyi su faɗi. Haka nan idan aka danna sannan aka tsaya lallashin yaro kafin a ɗora masa, kafin ya ja numfashin farko kaso mai yawa ya riga ya sauka. Saboda haka tsarin da ya kamata a bi shi ne a girgiza inhela sosai, a cusa ta a gindin sifesa tana tsaye, gwangwanin yana sama. A fara ɗora takunkumin da ke haɗe da sifesar ya rufe hanci da baki ba tare da kafa ba, ko yaro ya kama bakin sifesa da leɓɓansa, sannan a danna sau ɗaya. A bar shi ya yi numfashi biyar, shiga da fita, yadda ya saba. A cire, a sake girgizawa, a mayar, a sake dannawa sau ɗaya. Wannan zagayen gaba ɗayansa shi ne feshi ɗaya, kuma yakan ci rabin minti zuwa minti guda. Wanda ya gama feshi shida cikin daƙiƙa ashirin ya san bai ba da shida ba.

Littattafai sun ɗan bambanta a kan yawan numfashin. A Ostireliya huɗu ake koyarwa, a Birtaniya biyar, wasu kuma suna cewa biyar zuwa goma ga ƙananan yara. Littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 kan kula da yara a asibiti ma ya yarda a zuba feshi biyu tare, yaro ya ja numfashi uku zuwa biyar. Na fi son ɗaya-ɗaya da numfashi biyar, jariri mai takunkumi kuwa a kai shi shida ko fiye, domin numfashinsa ƙarami ne, ba ya kwashe abin da ke cikin bututun da wuri. Idan sifesar mai bawul ce, wato ɗan murfin da numfashi ke buɗewa da rufewa, za a ga bawul ɗin yana motsi ko a ji yana ƙas-ƙas, shi ake ƙirgawa. Idan bai motsa ba, iska na shiga ta gefen takunkumi, numfashin nan ba ya cikin lissafi. Girgizawar ma ba ado ba ce: maganin gari ne mai laushi da ke yawo cikin ruwan da ke tura shi, idan aka ajiye sai su rabu, feshin da aka yi ba girgiza ba a san adadin abin da ya fito ba.

To, feshi nawa? A nan ne iyaye suka fi rikicewa, kuma ba laifinsu ba ne. Takardar da ke cikin kwali tana cewa ɗaya ko biyu, mai kemis ya ce biyu, a asibiti kuma su ga malamar jinya ta ba ɗansu shida, ko ta ba ɗan maƙwabta goma. Duk suna iya zama daidai, domin abu biyu ne ke yanke adadin, shekarun yaro da tsananin ciwon a wannan lokacin.

Ga yaron da bai wuce shekara 5 ba, idan kukan ƙirjin mai sauƙi ne, yana magana, yana shan ruwa, ana farawa da feshi 2 a gida. Idan bai sake shi ba ana iya maimaita biyun bayan minti 20, a sake bayan wani minti 20. Ƙa'idar ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da jagoran duniya kan asma, wato fuka, ita ce idan irin wannan yaro ya buƙaci fiye da feshi 6 cikin awa biyun farko, a kai shi a duba shi ba tare da jinkiri ba. Idan kuwa ciwon ya yi ƙarfi, ana ba shi har 6 a zama ɗaya, a maimaita duk minti 20 a cikin awar farko, kuma wannan aikin asibiti ne ko na kan hanyar zuwa can. Ga ɗan shekara 6 zuwa sama, ɗan ƙaramin tashi biyu na iya isa, amma idan fuka ta tashi sosai GINA ta ce 4 zuwa 10 duk minti 20 na tsawon awa guda. Littafin Hukumar Lafiya da asibitocin Ostireliya suna kai babban yaro har 12. A Birtaniya ana koya wa iyaye su riƙa ba da ɗaya-ɗaya har zuwa 10 sannan su kira motar asibiti. Alƙaluman ba su zo ɗaya ba, amma sun taru a kan abu guda da mutum zai iya riƙewa a ka: ƙaramin yaro iyakarsa a zama ɗaya wajen shida ne, babba wajen goma zuwa goma sha biyu. Idan likitan yaro ya rubuta masa nasa tsarin, shi ne a gaba.

Akwai tunanin da nake yawan ji, mai ma'ana a zahiri, cewa tunda babban mutum biyu yake fesawa, ɗan shekara 2 rabin ɗaya ma ya ishe shi, shida kuwa ai kisa ne. Haka ake lissafin siro da ƙwaya, bisa nauyin jiki. Maganin shaƙa ya sha bamban. Ƙaramin yaro ƙaramar iska yake ja, hanyoyin iskarsa sirara ne, wani kaso yana tsayawa a takunkumi da hanci, don haka abin da ke kaiwa huhunsa daga kowane feshi kaɗan ne a kan na babba. Jikinsa da kansa ya rage adadin. Kuma idan hanyoyin sun ɗame, kason da ke wucewa yana ƙara raguwa, shi ya sa ake ƙara yawan feshi lokacin da ciwon ya tsananta. A kwatanta da injin turare na asibiti, wato nebulaiza, wanda mutanenmu suka fi yarda da shi. A cikinsa ana zuba wa ƙaramin yaro miligiram 2.5, wato maikirogiram 2,500, daidai da abin da ke cikin feshi 25. Feshi 6 kuwa 600 ne kawai. Duk da haka gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna cewa a fukar da ba ta kai ta barazanar rai ba, sifesa tana aiki kamar injin, kuma bugun zuciyar yara bai cika tashi da ita ba kamar yadda yake tashi da shi. Ba ta kuma jiran a kawo wuta.

Bari mu bi dare ɗaya daki-daki. A ce yarinya ce 'yar shekara 4, an riga an san tana da asma, ta kwana biyu da mura. Da ƙarfe 9:00 na dare uwar ta ji fito a ƙirjinta. Kafin ta taɓa inhela sai ta ɗaga rigar, ta kalli agogon waya, ta ƙirga numfashi na minti guda cur, ta samu 44. Ga yaro daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye a minti sauri ne, ga ɗan wata 2 zuwa shekara guda kuwa 50. Yarinyar tana magana da cikakkiyar jimla, ta sha ruwa, ƙasan haƙarƙarinta ba ya lotsawa ciki. Uwar ta zaunar da ita a cinya, bayanta jingine da ƙirjin uwar, ta ba ta feshi 2 ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta a bayan kwali, 9:05, biyu. Da 9:25 numfashi 42, fiton na nan, ta ƙara biyu. Da 9:45 ta ƙara biyun ƙarshe, sun zama shida. Yanzu hanya ta rabu. Idan da ƙarfe 10:00 numfashi ya sauka zuwa talatin da 'yan kai, yarinyar ta nemi abinci ko ta yi barci cikin natsuwa, an ci nasarar wannan zagayen. Sai a sa ido a ga ko sauƙin zai kai awa huɗu, kuma da safe a kai ta a duba. Idan kuwa har yanzu 44 ne, ko ƙasan haƙarƙari ya fara lotsawa, ko ta koma faɗin kalma ɗaya-ɗaya tana hutawa, feshi na bakwai a ɗaki ba shi ne mafita ba. A tashi maigida, a nemi abin hawa, a ba ta 6 kafin a fita, a sake ba ta 6 bayan minti 20 idan hanya ta yi nisa. Takardar nan ta bayan kwali ita za a miƙa wa ma'aikacin lafiya, domin tambayarsa ta farko ita ce nawa aka ba ta kuma yaushe.

Dalilin da ya sa ƙarin feshi ba ya wadatarwa a nan shi ne iyakar da na ambata tun farko. Idan tsoka ta saki amma hanya tana nan a toshe, kumburi ne da majina, kuma waɗannan sai maganin kumburi irin su firedinisolon, wanda ake bayarwa na kamar kwana uku kuma yakan ɗauki awanni kafin ya fara aiki. Ga kuma iskar oksijin idan na'urar awo da ake maƙala wa yatsa ta nuna ta yi ƙasa. Duk awar da aka ɓata a gida ana fesawa, awa ce da aka jinkirta waɗannan. Haka ma yaron da ya samu sauƙi amma ciwon ya dawo kafin awa uku ko huɗu, shi ma ya wuce aikin gida.

Akwai alamun da ba a farawa da biyu idan an gan su. Yaro ya kasa magana ko shan nono, leɓɓansa ko harshensa sun canja launi zuwa shuɗi ko toka-toka, yana gyangyaɗi ko ya rikice, ko ya galabaita. Mafi yaudara a cikinsu shi ne ƙirjin da ya yi shiru. Iyaye kan ɗauka sauƙi ne da fiton ya ɗauke, alhali iskar da za ta yi ƙarar ce ta daina wucewa. Ana gane bambancin da kallon yaron: wanda ya samu sauƙi yana sakewa, wannan kuwa yana ta kokawa da numfashi ba sauti. A ba shi cikakken adadin shekarunsa nan take, a kama hanya ana ci gaba da ba shi.

A cikin irin wannan tashin hankali mutum yana mantuwa, musamman da yake lissafi biyu ne a lokaci guda. Dabarar da nake ba iyaye ita ce a raba su. Baki ya ƙirga numfashi da ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, abin da ke kwantar wa yaron da hankali ma. Feshi kuwa a ƙirga shi da abu: a ware ƙwayar wake ko tsinken ashana shida tun kafin a fara, duk zagayen da aka kammala a matsar da ɗaya gefe, nesa da hannun yaro. Wanda ke da carbi a kusa ya ja ƙwaya ɗaya. Idan yaro ya fizge fuska daidai lokacin da aka danna, wannan waken bai matsa ba, a sake.

Kuka kuma fa? Wasu na cewa gara ma ya yi kuka, ai zai ja maganin da ƙarfi. Akasin haka ne. Mai kuka yana daɗewa yana fitar da iska, sannan ya fizgi numfashi gajere da sauri, maganin ya tsaya a maƙogwaro. Gara a ɓata minti biyu a lallashe shi, a nuna masa a fuskar uwa ko ta ɗan tsana, a kuma saba masa da takunkumin a ranakun da yake lafiya. Amma idan ciwon ya yi tsanani ba a fasa bayarwa don yana kuka, a riƙe shi da kyau, a tabbatar takunkumin ya zauna. Bayan feshi da yawa hannunsa na iya rawa, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan sananne ne kuma yana wucewa, hasali ma yana nuna maganin ya shiga jiki.

Sifesar kanti ba a ko'ina ake samunta ba, kuma tana da tsada. Robar lemo ko ta ruwa mai cin mililita 500 tana maye gurbinta. Wani bincike da aka yi a kan yara masu asma a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa irin wannan robar, idan an toshe kafofinta, tana aiki kamar ta kanti, kofin roba kuwa bai kai su ba. Ana wanke robar, a zana siffar bakin inhela a gindinta, a yanke ramin ya ɗan fi zanen ƙanƙanta don inhelar ta shiga da matsi, a liƙe gefen idan da kafa. Yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa. Tunda ba ta da bawul, cikinsa ake kallo a ƙirga numfashi. Yaron da bai kai kamar shekara 3 ko 4 ba ba ya iya riƙe baki da kyau, shi sai an haɗa masa da takunkumi. Sabuwar roba tana da wani hali, irin na biro da aka goga a gashi ya ɗauki guntun takarda: tana jan maganin ya manne a jikinta. Maganin wannan shi ne a wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, kada a ɗauraye cikin, kada a goge da tsumma, a bar ta ta bushe da kanta, bakin kawai za a share. Sau ɗaya a wata ya isa. Idan babu lokacin wanki, a fesa 4 ko 5 a cikinta tukuna kafin a fara ba yaro, kuma waɗannan ba sa cikin nasa lissafin.

Suna cikin lissafin gwangwani dai, wanda shi ne ƙirgen da kusan kowa ke mantawa. Yawancin inhelolin da ke kemis ɗinmu ba su da lambar da ke nuna saura nawa. Bayan feshi 200 gwangwanin zai ci gaba da huci da fitar da hayaƙi, a girgiza a ji motsi a ciki, amma abin da ke fita galibi mai turawar ne, maganin ya yi kaɗan ko babu. Jefa shi a ruwa a ga ko zai nutse ba gwaji ne abin dogaro ba. A duba yadda yake ƙarewa da sauri: yarinyar nan tamu, idan bayan an sallame ta aka ce a ba ta 6 duk awa huɗu a ranar farko, feshi 36 ke nan a kwana guda, ban da na daren jiya da na asibiti. Tashi biyu ko uku irin wannan sun cinye gwangwani. A manna takarda a jikin kwali, a rubuta ranar da aka buɗe, a riƙa ɗebewa daga 200, har da na gwaji da ake fesawa a iska idan inhelar sabuwa ce ko ta daɗe ba a taɓa ta ba. Idan saura 40 a sayi wata. Kada kuma a bar ta a gaban mota cikin rana.

Wannan takardar tana gaya wa likita wani abin kuma. Yaron da ke buƙatar shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, ko fuka na tashinsa da dare, ko yana cinye gwangwani uku a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba. Yana buƙatar inhelar rigakafi mai maganin kumburi irin su bekilometason, wadda ake shaƙa kullum ko da lafiya lau, ita ma ta cikin sifesa, a kuskure baki bayanta. Sai kuma a duba ɗakin da yake kwana: maganin sauro na hayaƙi, turaren wuta, hayaƙin itace ko gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi.

Ba kowane ƙirji mai fito ba ne zai amsa wa salbutamol. Jariri ɗan ƙasa da shekara guda da ya fara fito karon farko bayan mura, yawanci ƙwayar cuta ce ta kumbura ƙananan hanyoyin iskarsa, kuma inhela ba ta cika yi masa komai ba, abin da ake kula da shi shi ne shan nono da oksijin. Ƙarar da ke fita lokacin jan numfashi ciki, mai kaushi, daga maƙogwaro take, wani ciwo ne daban. Yaron da ke wasa lafiya lau, yana cin gyaɗa ko yana tsotsar murfin biro, kwatsam ya shaƙe ya fara tari da fito, a ɗauka wani abu ne ya faɗa masa hanyar iska, a kai shi inda za a iya ciro shi. Sai nimoniya, wadda ke rikicewa da fuka domin dukansu suna sa saurin numfashi. A nan ma'aikatan ƙananan asibitoci suna amfani da inhelar a matsayin gwaji: idan yaro ɗan wata 2 zuwa shekara 5 yana fito tare da saurin numfashi ko lotsawar ƙirji, a ba shi feshi 2 ta sifesa, har sau uku, tsakani minti 15 zuwa 20, sannan a sake ƙirga numfashi a sake duba ƙirjin. Idan ya sauka ƙasa da iyakar shekarunsa kuma ƙirjin ya daina lotsawa, ƙuntatar hanya ce, ya koma gida da inhela. Idan bai sauka ba, a yi masa maganin nimoniya.